Kowa da layinsa, kowane wata da gidansa: yadda ake tsara jadawalin zubin ƙungiyar gama-kai

Tambayoyi biyu ne ba sa barin sakataren kuɗi na ƙungiyar gama-kai ya huta. Ɗan ƙungiya zai tare shi a hanya ya ce, "Malam, nawa na tara zuwa yanzu?" Shugaba kuma zai juyo a tsakiyar taro ya ce, "Nawa aka zuba a watan jiya?" A ƙungiyoyi da yawa, amsar kowace daga cikinsu sai an buɗe littafi an yi ta juya shafi, ana bin sunaye da yatsa, ana tarawa a bayan takarda. Ba wai ba a rubuta ba ne. An rubuta komai, amma an rubuta shi yadda ya zo, wanda ya fara miƙo kuɗi shi ne a sama, na bayansa a ƙasa, haka har shekara ta ƙare. Littafi irin wannan yana adana labarin abin da ya faru, sai dai ba ya amsa tambaya cikin sauri, kuma idan amsa ta yi jinkiri a wurin da ake maganar kuɗi, zargi ne ke cike gurbin.

Maganin abin jadawali ne guda ɗaya. Kowane ɗan ƙungiya yana da layinsa na kwance, kowane wata yana da layinsa na tsaye, inda suka haɗu kuwa nan ne gidan da ake rubuta abin da mutumin ya zuba a wannan watan. Ƙarshen layin kwance ta hannun dama yana ɗauke da jimillar mutum, ƙasan layin tsaye yana ɗauke da jimillar wata. Gidan da ke kusurwar ƙasa ta dama shi ne kuɗin ƙungiya gaba ɗaya.

Kafin a ja layi ko ɗaya, ya kamata a san cewa jadawali ba shi ne littafin farko ba. Wanda ya kawo kuɗi, rasit ake fara yanka masa, a shigar a littafin karɓa na yau da kullum, da kwanan wata, da lambar rasit, da lambar mutumin, da adadin, sannan a cika masa katinsa da ke hannunsa. Daga wannan littafin ne ake kwashewa zuwa jadawali bayan an tashi daga taro. Sakataren da ke karɓar kuɗi da hannu ɗaya yana cika gidajen jadawali da ɗaya hannun, ba tare da rasit ba, ya hana kansa shaida. Ranar da aka yi gardama a kan wani gida, babu inda zai koma ya nuna daga ina adadin ya fito.

A takarda, babban littafi mai dogon shafi ake samu, a buɗe shafuka biyu masu kallon juna a ɗauke su kamar shafi ɗaya. Daga hagu, layin tsaye na farko lambar ɗan ƙungiya ce, na biyu sunansa, na uku abin da ya tsallako da shi daga bara. Sai watanni 12 a jere. Bayansu jimillar bana, sai abin da ya kamata a ce ya zuba, sai abin da ake bin sa, sai abin da ya cira idan tsarin ƙungiya ya yarda da cira, a ƙarshe abin da yake da shi a yau. Lambar nan kada a raina ta. A ƙungiyar mata arba'in ba wuya a sami A'isha huɗu da Fatima uku, wata ana kiranta da sunan ɗanta na fari, wata da laƙabin gidan miji, rasit ya zo da suna ɗaya, kati da wani. Lamba ba ta da takwara. A ba kowa tasa ranar da ya shiga, kuma ko ya fita ko ya rasu kada a ba wani ita.

Ga misali ƙarami, na ƙungiya mai mutum biyar da ke zuba Naira 5,000 kowane wata. An taƙaita shi a kan watanni huɗu don ya shiga shafi.

| Lamba | Janairu | Fabrairu | Maris | Afrilu | Jimilla | Ya kamata | Ana bin sa |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 20,000 | 20,000 | 0 |
| 2 | 5,000 | 5,000 | 0 | 10,000 | 20,000 | 20,000 | 0 |
| 3 | 5,000 | 3,000 | 5,000 | 5,000 | 18,000 | 20,000 | 2,000 |
| 4 | – | – | 5,000 | 5,000 | 10,000 | 10,000 | 0 |
| 5 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 0 | 15,000 | 20,000 | 5,000 |
| Jimilla | 20,000 | 18,000 | 20,000 | 25,000 | 83,000 | 90,000 | 7,000 |

Idan aka tara jimillar mutanen biyar daga sama zuwa ƙasa, 83,000 za a samu. Idan aka tara jimillar watannin huɗu daga hagu zuwa dama, 83,000 ɗin ce dai. Ta hanya biyu aka zo, aka tarar da adadi ɗaya, kuma wannan shi ne gwajin farko da kowane jadawali zai ci kafin a karanta shi a gaban jama'a. Akwai na biyu a gefe: abin da aka zuba da abin da ake bi, 83,000 da 7,000, dole su cika 90,000 da ya kamata a ce an tara.

A lura da mai lamba 4. A watan Maris ya shiga ƙungiya, shi ya sa aka ja masa ɗan gajeren layi a Janairu da Fabrairu, kuma abin da ya kamata ya zuba 10,000 ne, ba 20,000 ba. Mai lamba 5 kuwa sifiri aka rubuta masa a Afrilu, domin yana cikin ƙungiya, watan ya kama, bai kawo ba. Gidan da aka bari babu komai ma'anarsa ɗaya tak, wato watan bai zo ba tukuna. Abubuwa uku ne daban, kuma sakataren da ya bar su duka a fili ya gauraya wanda ba a bin sa da wanda ake bi. Ƙari a kan haka, gidan da aka bari a buɗe a watan da ya wuce, kowa na iya zuwa daga baya ya cika shi da biro.

Wane wata ne watan kuɗi?

Mai lamba 2 shi ne ya kawo mu ga wurin da ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe. Bai zuba ba a Maris, sai a Afrilu ya zo da 10,000 ya ce, "Ga na watan jiya da na wannan." Ina za a rubuta?

Zuciya takan so a koma gidan Maris a goge sifiri a sa 5,000, a sa 5,000 a Afrilu, layi ya yi kyau babu giɓi. Wannan tsari yana da amfaninsa, don kallo ɗaya za a yi a ga watan da mutum bai biya ba. Amma a duba abin da ya jawo. Jimillar Maris ta tashi daga 20,000 ta koma 25,000, alhali a taron Maris 20,000 aka ƙirga a gaban kowa, 20,000 aka rubuta a littafin taro, 20,000 ma'aji ya kai banki, kuma takardar banki na nan. Jimillar Afrilu kuma ta sauko zuwa 20,000 alhali 25,000 ne a hannun ma'aji. Kusurwa ba ta canja ba, tana nan a 83,000, amma watanni biyu sun daina dacewa da kuɗin da aka gani da ido. Duk wanda ya zo bincike zai ce an kai banki kuɗin Maris da giɓin 5,000, kuma ma'ajin da bai taɓa kwabo ba ne zai tsaya yana rantsuwa.

Ni dai ra'ayina a fili yake: a rubuta kuɗi a watan da ya shigo hannu, ba watan da aka ce na shi ne ba. Watan da aka rufe aka karanta jimillarsa, kada a sake taɓa shi. Bashin baya kuma ba a gidajen watanni ake neman sa ba, a layin "ya kamata" da layin "ana bin sa" yake fitowa, kuma ga shi mai lamba 2 ya koma sifiri a can, wato ya cika. Wanda ya biya na gaba ma haka ne. Manomin da ya sayar da amfani da kaka ya zuba na wata shida a lokaci ɗaya, a rubuta masa 30,000 a gida ɗaya, watannin da ke biye a sa sifiri, jimillarsa ce za ta nuna ba a bin sa komai. Ƙungiyar da ke cin tarar jinkiri tana iya riƙe jadawali na biyu mai nuna watan da aka biya wa, amma a rubuta kan kowanne ɓaro-ɓaro, kuma kada a taɓa haɗa tsari biyu a shafi ɗaya.

Akwai wani dalilin da ya shafi adalci. A ƙarshen shekara, idan kuɗin ƙungiya ya yi juyi an sami riba, ƙungiyoyi da dama suna raba ta gwargwadon abin da kowa ya tara. Mutum biyu za su iya tashi da 60,000 kowanne, ɗaya ya zuba 5,000 tun Janairu bai fasa ba, ɗayan ya kawo nasa dunƙule a Disamba, ana gab da rufe littafi. Kuɗin na farko ne ya yi aiki shekara guda, na biyu ko kwana talatin bai yi ba. Ko za a bambanta su wajen rabo, wannan shawarar babban taro ce. Amma taron ba zai ma san akwai bambancin ba idan sakatare ya bi gidaje 12 ya rarraba wa na biyun 5,000 a kowanne.

Sai kuma a tsayar da ranar da wata ke rufewa. Ƙungiyar da ke taro Lahadin ƙarshen wata tana iya cewa duk abin da ya shigo bayan an tashi na wata mai zuwa ne. Wadda ke karɓa ta banki gara ta bi watannin Bature daga ranar 1 zuwa ƙarshen wata, domin haka takardar bayanan asusu ke fitowa. Idan mutanenta sun saba lissafi da watan sama, ba laifi a rubuta sunansa a ƙasan na Bature don tunatarwa, amma layi ɗaya kada ya bi kalanda biyu.

Abin da kusurwa ba ta kamawa

Dacewar kusurwa tana kwantar da hankali, har takan sa mutum ya saki jiki fiye da kima. Abin da ta tabbatar kawai shi ne an yi tarawa daidai. A ɗauka sakatare ya zame da layi ɗaya, ya rubuta wa mai lamba 4 kuɗin mai lamba 5. Jimillar wata ba za ta motsa ba, kusurwa za ta dace ta kowane ɓangare, kuɗin banki ma zai yi daidai, amma an ɗauki haƙƙin wani an ba wani. Ba abin da ke tona wannan sai katin da ke hannun ɗan ƙungiya. Shi ya sa yake da kyau duk bayan wata uku a karanta wa kowa jimillarsa da babbar murya, shi kuma ya duba katinsa ko ya sa ɗansa ya duba masa, ya ce ya yarda. Waɗanda ba sa karatu sukan riƙe lissafinsu a ka fiye da yadda ake zato, a karanta musu su ji. Wajen cikawa kuma a ɗora rula a ƙarƙashin layin mutum, daga lambarsa har gidan watan, musamman a shafin dama inda suna ya yi nisa. Wasu sakatarorin sukan sake rubuta lambobin a bakin shafin daman, dabara ce mai kyau.

Haka nan rasit da aka manta ba a kwashe ba, jadawali ba zai yi ƙorafi ba, tunda bai san da shi ba. A nan jimillar wata za a gwada da jimillar rasit na watan, sannan da kuɗin da aka ƙirga ko ya shiga asusu. Wuri uku ke nan, kuma dole su faɗi magana ɗaya.

Idan suka saɓa, girman bambancin kansa yakan nuna hanya. Idan ya yi daidai da zubin mutum ɗaya, an tsallake wani ko an rubuta shi sau biyu. Idan kuma bambancin yana rabuwa da 9 babu saura, a nemi inda aka juya lambobi ko aka yar da sifiri. Wanda ya rubuta 4,500 a maimakon 5,400 ya bar bambancin 900, wanda ya rubuta 500 a maimakon 5,000 ya bar 4,500, duka biyun 9 tana raba su. Tsofaffin akawu sun daɗe suna aiki da wannan. In an gano kuskuren, a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta tsohon adadin, a rubuta sabon a sama, sakatare da ma'aji su sa hannu a gefe. Kada a kankare, kada a shafa farin ruwan gogewa, don gidan da aka shafe ko gaskiya ce a ƙarƙashinsa ba mai yarda.

Tura kuɗi ta waya ya kawo tasa matsalar. Mace za ta ba mai POS kuɗi ya tura, saƙo ya shigo da sunan shagonsa, ko miji ya tura wa matarsa daga asusunsa bai faɗa wa kowa ba. Kuɗi ya shigo, ba a san layin da za a sa shi ba. Kada a yi cinta. A ware layi ɗaya a ƙasan sunaye a kira shi "ba a san mai shi ba", a ajiye adadin a can domin jimillar wata ta dace da banki, a yi cigiya a taro, ranar da mai shi ya kawo shaida a mayar masa. Abin da banki ke cirewa na saƙonni da kula da asusu kuwa ba ya shiga wannan jadawali, kashewar ƙungiya ce, littafin kashe kuɗi ne gidansa.

Kuma jadawalin zubi na zubi ne kaɗai. Mutum yakan miƙo 12,000 a dunƙule, 5,000 zubi, 6,500 biyan rancen da ya ci, 500 tarar makara. Idan aka zuba duka a gidansa na wata, an mai da bashin da ya biya ajiya, ranar da zai fita daga ƙungiya sai ya nemi kuɗin da ba nasa ba, kuma littafi ya goya masa baya. Tun a kan rasit ake rarrabewa. Rance da nasa shafin, hannun jari da nasa, tara da kuɗin rajista da nasu.

Ga mai kwamfuta ko babbar waya

Excel, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc, duk suna yin wannan aiki, kuma tsarin bai canja ba. A buɗe shafi a sa masa suna Rasit, ya tsaya a matsayin littafin karɓa na zubi: A kwanan wata, B lambar rasit, C lambar ɗan ƙungiya, D lambar watan daga 1 zuwa 12, E adadi. A shafi na biyu, A lamba, B suna, C zuwa N watanni, a rubuta 1 zuwa 12 a samansu, O jimilla. Idan mutum 40 ne, sun kama daga layi na 2 zuwa na 41, jimilla tana na 42. A gidan C2 sai a rubuta wannan, a ja shi ya cika sauran gidajen:

```
=SUMIFS(Rasit!$E:$E,Rasit!$C:$C,$A2,Rasit!$D:$D,C$1)
```

Abin da ya ce shi ne, a tara duk adadin da ke shafin Rasit wanda lambar mutum da lambar wata suka dace da wannan gida. Alamar $ ita ke hana lissafin zamewa idan an ja shi. Wanda ya biya sau biyu a wata ɗaya, 3,000 yau 2,000 jibi, za a haɗa masa su da kansu. Sai dai a sani, sifiri zai nuna a duk gidan da babu rasit, har na watan da bai zo ba da na wanda bai shiga ƙungiya ba tukuna, don haka a ƙara layin da ke nuna watan shigar kowa. Na farko a ƙasa na gidan O2 ne a ja shi har O41, na biyu na C42 a ja shi har O42, na uku kuma gwaji ne da dole ya ba da sifiri:

```
=SUM(C2:N2)
=SUM(C2:C41)
=SUM(Rasit!E:E)-O42
```

Wannan gwajin ya fi na kusurwa amfani a kwamfuta, domin na'ura ba ta kuskuren tarawa, abin da aka ba ta ne ke zama kuskure. Idan an buga lambar da babu mai ita, ko an sa sabon ɗan ƙungiya a ƙasan layi na 41 inda lissafin bai kai ba, gwajin zai daina nuna sifiri. Sabon shiga a cusa masa layi a saman na ƙarshe, a jawo masa lissafin layin da ke samansa, lissafin jimilla zai faɗaɗa da kansa. Abin da gwajin ba zai gani ba shi ne adadin da aka rubuta da harafi a jikinsa, irin N5,000 ko 5k. Na'ura tana ɗaukar sa rubutu ne, ta tsallake shi a ko'ina ba ta ce komai ba. Alamarsa ita ce yakan manne a hagun gida, alhali adadi na gaskiya dama yake komawa. A Nijar, inda kwamfutoci da yawa ke kan Faransanci, sunayen su ne SOMME da SOMME.SI.ENS, kuma alamar ; ake sawa a maimakon waƙafi.

Ko da kwamfuta ake aiki, a buga jadawalin a takarda duk ƙarshen wata, shugaba da ma'aji da sakatare su sa hannu, a ajiye a fayil. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, kuma adadin da ke cikinta ana iya canja shi ba a bar alama ba. Wanda za a liƙa a bango ko a tura wa jama'a a cire sunaye a bar lambobi, kowa ya san tasa, ba sai unguwa ta san wanda ya kasa biya ba.

A Najeriya, ƙungiyar da ta yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 ko dokar jiharta ana bincika asusunta duk shekara, kuma mai binciken ba abin da zai nema sai waɗannan: rasit, littafin karɓa, jimillar kowane mutum, takardar banki. Amma akwai ranar da ta fi ranar bincike nauyi. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, magada za su zo su tambayi abin da ya bari, kuma kuɗin nan ya zama na marayu, dole a fitar da shi daidai kafin a raba gado. Mai shi ba ya nan balle ya ce an yi masa kuskure. Layinsa kaɗai zai yi magana, daga abin da ya tsallako da shi bara har zubinsa na ƙarshe.

Ƙungiyar da ba ta da jadawali ba sai ta jira sabuwar shekara ba. A taro mai zuwa a sa mutum biyu waɗanda ba su ne ke riƙe kuɗi ba, su zauna da sakatare, ɗaya na karanta rasit ɗaya na cika gidaje, tun daga watan farko na bana. In sun gama a kira kowa da katinsa a gwada, abin da aka yarda da shi a sa hannu a kai, daga nan kuma kada wani wata ya rufe sai jadawali da rasit da kuɗi sun dace.